Takardar Sharuɗɗan Aikin Shafin Intanet na Makaranta: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu makarantu, daraktoci da sakatarori suke yawan yi mini a Garwa, Marwa da Ngaundere duk lokacin da maganar buɗe wa makaranta shafin intanet ta taso. Na ɗauki makaranta guda a matsayin misali tun daga farko har ƙarshe: a ce kwaleji ce mai zaman kanta a Garwa, mai ɗalibai 480, daga ajin 6e zuwa Terminale. Makarantar da alƙalumanta duk na misali ne, kowa ya sa nasa.

1. Wai mece ce takardar sharuɗɗan aiki, kuma me ya sa ake cewa a fara da ita?

Takarda ce da makaranta ke rubuta abin da take so shafinta ya yi, dalla-dalla, kafin a ba kowa aikin. A wajenmu za ka ga an rubuta mata `cahier des charges` a saman fayil. A cikinta ake faɗin sassan shafin, waɗanda za su yi amfani da kowane sashe, abin da kowa zai iya gani ko taɓawa, ranar gama aiki, da yadda za a gwada shi kafin a biya kuɗin ƙarshe.

Wanda ya taɓa ba magini aiki ya san zancen. In ka ce masa “gina mini ajujuwa uku” ka tafi, zai gina uku ɗin, amma faɗinsu da inda tagogi za su kalla shi zai zaɓa, kuma ba ka da bakin magana in an gama. Haka mai gina shafi. Idan ba a rubuta cewa uba mai 'ya'ya huɗu zai gansu duka da shiga ɗaya ba, zai yi abin da ya fi masa sauƙi, ranar da ka yi ƙorafi kuma ya ce wannan sabon aiki ne, da kuɗinsa daban. Kuma gaskiyarsa.

2. Malam, mu ba mu san kan kwamfuta ba. Ba mai gina shafin ne ya kamata ya rubuta ta ba?

A'a, ranka ya daɗe. Mai gina shafi ya san kwamfuta, amma bai san cewa a makarantarku ba a ba yaro takardar sakamako sai ya biya kashi na biyu na kuɗin makaranta ba, ko cewa kawu ne ke riƙe da yaran da iyayensu ke ƙauye. Ku ne kuka san wannan, kuma shi ne kashi uku cikin huɗu na takardar. Ragowar, irin wurin ajiye shafin da tsaronsa, shi zai ba da shawara ku amince.

A zauna mutum biyar, bai wuce haka ba: darakta, mai kula da harkar karatu da jarrabawa, ma'aji, sakatare, da wakili ɗaya daga ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE. Kowa ya zo da takardun da yake aiki da su a zahiri: fom ɗin ɗaukar ɗalibai, rasit, takardar sakamako ta zangon da ya wuce, littafin kiran suna. A shimfiɗa su a tebur. Ni sakatare nake fi saurara a irin wannan zama, domin ita ce ke zaune a bakin taga a watan Satumba iyaye na yi mata tambaya, kuma ita za a bar wa shafin bayan mai ginawa ya tafi.

3. Me da me ya kamata su kasance a ciki? Shafi nawa za ta kai?

Ga makaranta irin ta misalinmu, shafi 8 zuwa 12 sun isa. Shafin farko ya faɗi makarantar a taƙaice: yawan ɗalibai, ajujuwa, ko tsarin Faransanci take bi ko na Turanci ko duka biyun, da ko akwai sashen Larabci. Sai sassa huɗun nan, kowane da babinsa: ɗaukar ɗalibai, labarai, malamai, da zauren iyaye, wato inda uba ko uwa ke shiga da kalmar sirri don ganin abin da ya shafi ɗansu kaɗai. Bayan su sai babi kan harshe da waya, babi kan mallaka da ajiya, sannan jadawalin aiki, gwaji da biya.

Akwai wani ɗan babi da kusan kowa ke mantawa: abin da ba ya cikin aikin. A rubuta ɓaro-ɓaro, misali “ba a buƙatar manhajar da ake saukewa a waya, ba a buƙatar darasi ta bidiyo, lissafin albashin malamai ba ya ciki.” Layi uku ne, amma suna kashe gardama da yawa, kuma suna sa farashin da mutum biyu ko uku za su kawo ya zama na abu ɗaya, yadda za a iya kwatanta su.

4. Yaya ake rubuta sharaɗi yadda ba zai jawo musu ba?

A rubuta shi yadda mutumin da bai halarci zamanku ba zai iya ɗaukar waya ya gwada, ya ce “ya yi” ko “bai yi ba”. “Shafin ya zama mai kyau da sauri” ba sharaɗi ba ne, fata ne, domin kyau a idon mai kallo yake. Amma “shafin farko kada nauyinsa ya wuce megabait 1” abu ne da ake aunawa. “Iyaye su samu sauƙin ganin sakamako” shi ma fata ne. Sharaɗinsa shi ne: “bayan uba ya shiga da lambar wayarsa da kalmar sirri, ya ga takardar sakamakon ɗansa da dannawa biyu.”

Kowane sharaɗi a ba shi lamba, ya ɗauki magana ɗaya tak, a kuma sa masa alamar ko dole ne ko kuwa ana so ne in da hali. Amfanin lambar shi ne ranar gwaji ba za a ce “zauren iyaye bai yi ba”, za a ce “sharaɗi na 4.7 bai cika ba”, mai ginawa ya san inda zai nufa. Amfanin alamar kuwa, in kuɗi ya gaza, an san abin da za a jinkirta ba tare da an taɓa ƙashin bayan aikin ba. Duba tambaya ta 13 kan ranar gwajin.

5. A sashen ɗaukar ɗalibai, ba fom kawai za a sa ba?

Fom ɗin shi ne mafi sauƙi. Abin da takardar za ta bayyana shi ne tafiyar da buƙata ke yi bayan an danna aikawa: an karɓa, ana dubawa, takardu ba su cika ba, an kira yaro gwaji, an ɗauka, an sa a jerin jira, ba a ɗauka ba. A faɗi wanda ke da ikon matsar da ita daga mataki zuwa mataki, da saƙon da uba zai samu a kowanne. A kuma faɗi yawan gurbi. A ce ajin 6e biyu ne, kowane na ɗaukar 45: me zai faru da yaro na 91? Fom ya rufe, ko ya shiga jerin jira? Ku za ku yanke, ba kwamfuta ba.

Sai takardar haihuwa, wadda nake so a tsaya a kanta. A nan arewa yara da yawa suna isa makaranta ba su da ita, ana jiran hukuncin kotu da zai maye gurbinta. Mai gina shafin da bai san haka ba zai sa hoton takardar ya zama dole, fom ya ƙi tafiya sai da shi, uba ya gwada sau biyu ya haƙura. Don haka a rubuta cewa za a iya aika fom ba tare da ita ba, buƙatar ta tsaya a matakin “takardu ba su cika ba”, sakatare ta riƙa ganin jerin waɗanda ake bi. Wannan jerin zai yi amfani daga baya, lokacin haɗa takardun jarrabawar BEPC. Haka ma suna: kada fom ya tilasta gurbin “sunan iyali”, a rubuta suna kamar yadda yake a takardar haihuwa, harafi da harafi.

Abu biyu kuma. Gurbin lambar waya ya karɓi ta Kamaru mai lamba 9 bayan `+237`, da ta Chadi mai lamba 8 bayan `+235`, da ta Najeriya mai farawa da `+234`. Makarantar da ke Kusseri, wadda gada ce kawai tsakaninta da Njamena, ta san dalili. Sannan sakatare ta iya cike fom a madadin uban da ya zo ofis da ƙafarsa, don duk buƙatu su taru wuri ɗaya, kada a samu jerin takarda daban da na kwamfuta daban.

6. Sashen labarai fa? Muna da dandalin WhatsApp na iyaye.

Ku ci gaba da shi. Bambancin shi ne sanarwa a dandali tana nutsewa ƙarƙashin gaisuwa da addu'o'i kafin la'asar, ta shafi kuwa tana nan da kwanan watanta. A sa sanarwa a shafi, a tura adireshinta dandali. A takardar a rubuta wa ke rubuta labari, wa ke amincewa kafin ya fita. In da WordPress, wata manhajar gina shafukan intanet, za a gina, akwai matsayin `Contributeur`, mai iya rubutawa amma ba ya iya wallafawa, da `Éditeur` mai wallafawa. Wannan ya dace da malami da darakta. A kuma nemi sanarwar gaggawa mai ranar ƙarewa, wadda za ta sauka da kanta, kada a shiga Janairu shafin farko na kiran taron iyaye na Oktoba.

Hotuna ne ke kashe wannan sashe. Hoton waya ɗaya yakan kai megabait 4, goma na bikin raba kyaututtuka sun zama 40, a kan datar uban da ya buɗe. A sa sharaɗi cewa shafin da kansa zai rage kowane hoto zuwa kusan kilobait 200, goman su dawo megabait 2. Kuma ba a sa fuskar yaro da cikakken sunansa sai da izinin iyaye a rubuce. Gurbin wannan izini ya kasance cikin fom ɗin da aka yi magana a tambaya ta 5.

7. Me za a sa a shafin malamai?

Suna, darasin da yake koyarwa, da muƙami in yana da shi. Hoto sai wanda ya yarda, kuma akwai malamai mata da ba za su so ba, don haka shafin ya yi kyau ko babu hoton. Lambar wayar malami ta kansa ba ta shiga. Mai son ganinsa ya bi ta ofis. Sharaɗin da ya fi muhimmanci a nan shi ne na ranar tafiya: in malami ya bar aiki, dannawa ɗaya ta ɓoye shafinsa ta kuma rufe masa hanyar shiga, amma makin da ya shigar a baya ya zauna da sunansa. A makarantu masu zaman kansu, inda masu koyarwa na wucin gadi ke canjawa kowace shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

8. A zauren iyaye, wa zai ga me?

Nan ne zuciyar takardar, kuma nan ne na fi ganin an yi sakaci. Yawancin masu ginawa suna ɗauka yaro ɗaya, uba ɗaya, asusu ɗaya. Gidajenmu ba haka suke ba. Ɗauki Alhaji mai 'ya'ya huɗu a makarantar, biyu daga ɗakin uwargida, biyu daga ɗakin amarya, ga kuma ɗan ƙaninsa da yake riƙo. Alhaji ya kamata ya ga biyar ɗin da shiga ɗaya. Uwargida ta ga nata biyu, amarya ta ga nata biyu, kada ɗaya ta ga makin 'ya'yan ɗaya sai in gidan ne suka nemi haka. Mahaifin yaron riƙon, da ke can Marwa, yana son ganin sakamakon ɗansa, amma Alhaji ne ke biya. Sharaɗin ke nan: babba ɗaya zai iya haɗuwa da yara da yawa, yaro ɗaya da manya da yawa, kuma a kowace haɗuwa a zaɓi ko mutumin zai ga maki kawai, ko maki da kuɗi.

Wa ke haɗa babba da yaro? Ofis kaɗai, bayan an ga mutumin ido da ido ko an kira lambar da ke fom. Kada a yarda da tsarin da kowa zai rubuta sunan yaro ya haɗa kansa. Kuma da lambar rajistar ɗalibi ake haɗawa, ba da suna ba, domin aji ɗaya zai iya ɗaukar Aminatu uku da Muhammadu biyar. A rubuta yadda ake yanke haɗin kuma, in aure ya mutu ko riƙo ya koma wani hannu, da wanda ke da ikon ba da wannan umarni.

Shiga ta kasance da lambar waya, ba da imel ba, tunda iyaye da yawa ba su da shi. Wanda ya manta kalmar sirri a tura masa lamba ta saƙon waya, mai mutuwa bayan minti 10. Tunda waya ɗaya takan zaga hannun mutanen gida, har da shi ɗalibin, zauren ya rufe kansa in an bar shi minti 15 ba a taɓa ba. Ikon ma'aikata ma a zana shi a jadawali: malami ya ga ajinsa da darasinsa kaɗai, ma'aji ya ga kuɗi ban da maki, darakta ya ga komai.

9. Lissafin maki ai sananne ne. Sai an rubuta shi?

Sai an rubuta, har da misali da alƙaluma. Kowa ya san maki a kan 20 yake, kowane darasi da nauyinsa, 10 kuma ita ce iyakar ci:

```
moyenne = Σ(note × coef) / Σ(coef)
```

Ga inda ake faɗawa rami. A ce wata yarinya ta samu 12 a lissafi mai nauyi 4, da 9 a Faransanci mai nauyi 4, da 14 a Turanci mai nauyi 2. Jimla 48 da 36 da 28, wato 112, a raba da 10, ta tashi da 11.2. To a ce zazzaɓi ya kwantar da ita ranar Turanci, gurbin ya zauna fayau. In kwamfuta ta ɗauki gurbin a matsayin sifili, 84 a raba da 10, ta samu 8.4, ta faɗi. In ta cire darasin da nauyinsa, 84 a raba da 8, ta samu 10.5, ta ci. Yarinya ɗaya, maki ɗaya, amma ɗaya takardar za ta sa a yi mata faɗa a gida, ɗayar a sa mata albarka. Dokar makarantarku ce za ta raba gardama, kuma dole takardar ta bambanta abu uku: sifili na gaske, rashin zuwa da uzuri, da makin da malami bai shigar ba tukuna.

A ƙara da sauran ƙa'idoji: yadda gwaji biyu na zango ke haɗuwa su ba da makin zango, yadda zango uku ke ba da na shekara, lamba nawa ake bari bayan ɗigo, ko 9.996 za ta zama 10, da yadda ake jera waɗanda suka yi kunnen doki. Maki kada ya bayyana ga iyaye sai mai kula da karatu ya danna amincewa bayan zaman malaman aji. Duk gyaran da aka yi bayan haka ya bar sawu: wa ya gyara, yaushe, daga nawa zuwa nawa. A liƙa wa takardar sakamakon aji guda na bara, an goge sunaye, don a gwada da shi kamar yadda tambaya ta 13 ta nuna.

10. Mu sa biyan kuɗin makaranta ta waya tun farko?

Shawarata a raba shi biyu. A matakin farko zauren ya nuna lissafi kawai. A ce kuɗin shekara sefa 75,000 ne, kashi uku: 40,000 da 20,000 da 15,000. Uba ya biya 50,000, sai ya ga kashin farko ya cika, saura 10,000 a na biyu, ga ranar da ake so, ga lambar kowane rasit. Ma'aji ke shigar da biyan da hannunsa. A rubuta yadda ake yi da rangwamen 'yan gida ɗaya ko na marayu, da biyan da mutum ya kawo dunƙule don yara uku.

Biya ta Orange Money ko MTN MoMo ya zo a mataki na biyu, bayan an ga lissafin ya yi zango guda ba kuskure. Yana buƙatar asusun kasuwanci da sunan makaranta, ba lambar ma'aji ba, kuma akwai la'adar da za a yanke wa zai ɗauka. Sharaɗin da ba a wasa da shi: kowane biya ya zo da lambar rajistar yaro, kuma a faɗi abin da za a yi in an cire kuɗi a wayar uba amma netwok ya yanke kafin shafin ya sani. Irin wannan biya ya tsaya a “ana jiran tabbaci”, kada ya ɓace, kada kuma a ƙirga shi sau biyu.

11. Da wane harshe za a yi shafin, kuma yaya batun saƙon waya?

Faransanci dai dole, Turanci in makarantar na da sashensa. Amma iyaye da yawa Fulatanci ko Hausa suka fi ji, don haka a faɗi shafukan da za a fassara da wanda zai riƙa yi. Gara shafi uku da ake kula da su da talatin da aka bari rabi. In akwai Larabci, a rubuta cewa rubutun zai tafi daga dama zuwa hagu, abin da mai ginawa ke yi da `dir="rtl"`. A nemi `UTF-8` ko'ina, wato tsarin adana rubutu da ke ɗaukar haruffan duk waɗannan harsuna, a kuma gwada ƙ, ɗ, ɓ a kan allo da cikin takardar sakamakon da aka buga, domin wani salon rubutu yakan mai da su akwati.

Haruffan nan masu lanƙwasa suna da tasiri a aljihu. Saƙon waya na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ɗaya ta shiga, ko ê ta Faransanci, sai ya koma 70, in kuma ya zarce a yanka shi gunduwa-gunduwa na 67. Sanarwa mai harafi 150 zuwa ga iyaye 300 saƙo 300 ce in babu su, 900 in akwai. Takardar ta faɗi abubuwan da suka cancanci saƙo, kamar fitowar sakamako da rashin zuwan yaro, allon rubuta saƙon kuma ya nuna gunduwa nawa zai ci kafin a aika. Game da netwok da ɗaukewar wuta, malamin da ke shigar da makin yara 45 kada ya rasa abin da ya rubuta in layi ya yanke: shafin ya riƙa adanawa layi-layi.

12. Bayan an gama, shafin na wa ne?

Na makaranta, in an rubuta haka. Na taɓa ganin makarantar da aka yi wa rajistar sunan shafi da imel ɗin yaron da ya gina shi. Ya koma kudu, shekara ta zagayo, ba wanda ya sabunta, wata safiya iyaye suka buɗe suka tarar ba komai. Sunan shafi haya ce ta shekara-shekara. Ko mai ƙarewa da `.cm` ne, wanda hukumar ANTIC ke kula da shi, ko `.com`, a yi rajistarsa da sunan makaranta da imel ɗin da darakta ke riƙe da kalmar sirrinsa. Haka asusun wurin ajiye shafin. A rubuta kuɗin da za a riƙa biya duk shekara daban da kuɗin gini.

A nemi kwafin ko-ta-kwana kullum, a ajiye shi wani wuri daban da inda shafin yake, a kuma gwada dawo da shi sau ɗaya kafin a karɓi aiki. A nemi maɓallin fitar da sunaye, maki da biya zuwa fayil ɗin Excel, don in kun rabu da mai ginawa ku tafi da kayanku. Adireshin ya fara da `https`, alamar cewa bayanan da ke tafiya tsakanin waya da shafin a kulle suke. Bayanan yara amana ce, kuma doka na kallo: Kamaru na da doka mai lamba 2010/012 kan tsaron intanet, da mai lamba 2024/017 ta Disamban 2024 kan kare bayanan mutane. Abin da ba ku buƙata kada ku tambaya a fom, a kuma rubuta shekara nawa za a riƙe bayanan yaron da ya bar makaranta.

13. Ta yaya za mu gwada aikin kafin mu biya sauran kuɗi?

A raba biyan, misali kashi 30 cikin 100 a farko, 40 in an nuna sassan na aiki, 30 bayan gwaji. Ranar gwajin a ɗauko takardar a bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, da ƙaramar wayar da iyaye suka fi riƙewa da datar waya, ba da kwamfutar mai ginawa ba. A shigar da makin ajin bara na tambaya ta 9, a ga ko matsakaici da jerin matsayi sun yi daidai da na takarda, yaro da yaro. A ƙirƙiri gidan Alhajin tambaya ta 8, a shiga a matsayin amarya, a ga ko 'ya'yan uwargida sun ɓuya. A miƙa wa wata uwa daga ƙungiyar iyaye wayar, kowa ya yi shiru, a ga ko za ta kai ga sakamako da kanta.

Akwai gwaji guda da ba ya cin minti ɗaya, kuma ina roƙo kada a tsallake shi. Ka shiga a matsayin uba, ka buɗe sakamakon ɗanka, ka dubi adireshin da ke sama. In ka ga abu kamar haka:

```
/bulletin?id=214
```

sai ka mai da 214 ta zama 215 ka danna. In takardar ɗan wani ta buɗe, zauren ba shi da ƙofa, kuma ba a karɓar aikin sai an gyara, ko da komai ya yi kyau. Abin da ya kamata ka gani shi ne saƙon cewa ba ka da izini. A yi haka ma da rasit da hotunan takardun haihuwa.

14. Yaushe ya dace a fara, kuma in muka tuna wani abu bayan an sa hannu fa?

A ƙirgo daga baya. Makarantu na komawa a farkon Satumba, cunkoson rajista kuwa tun Agusta yake farawa, don haka sashen ɗaukar ɗalibai ya kamata ya tsaya da ƙafarsa a Yuli. A rubuta takardar a zango na biyu, a ba da aiki wajen Afrilu. Zauren iyaye zai iya jira har sakamakon gwajin farko na ɗalibai, a fara da aji ɗaya ko biyu kafin a buɗe wa kowa. A sa kwana biyu na koya wa sakatare da malamai a cikin jadawalin, da wata uku na gyaran kuskure kyauta bayan karɓar aiki.

Tunawa da sabon abu kuwa dole ne, ba laifi ba ne. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a faɗe shi a waya ko a bakin masallaci, kowa ya tafi da fahimtarsa. A ware shafin ƙarshe na takardar don canje-canje: kwanan wata, abin da aka ƙara, kuɗinsa, kwanakin da zai ƙara wa aikin, da sa hannun darakta da na mai ginawa. Mutum ɗaya ne daga makaranta zai riƙa isar da irin wannan buƙata, kuma a rubuta sunansa a shafin farko.